Kayan Kanta da Kuɗin Dila

Wani mai shagon kayan masarufi a Kano ya sa yaronsa ƙirga kaya bayan la'asar. Yaron ya gama, ya ɗago yana murmushi.

"Alhaji, muna da kayan naira miliyan uku. Bashin dila bai kai abin tashin hankali ba."

Dilan da ke kawo musu kaya daga kasuwar Singa zai zo jibi ya karɓi naira 400,000. Alhaji ya jawo durowa, ya haɗa da abin da ke banki, duka 90,000.

"To, dila kanta zai ɗauka ko kuɗi? Zo nan."

Ya dafa buhun sukari, ya nuna katan-katan na taliya da jarkokin mai. "Waɗannan nawa muke sayarwa a rana?"

"Kamar 120,000, ranka ya daɗe."

"Kwana biyu 240,000 ke nan. Haɗa da na hannu."

"330,000. Saura 70,000." Yaron ya ɗauko littafin bashi. "Ai muna bin mutane 200,000."

"Ma'aikata ne, sai an yi albashi. Yau sha biyu ga wata. Ajiye littafin nan."

Sai yaron ya kalli kantar sama, inda kulolin abinci na 600,000 suke jere, ƙura ta fara hawa kwalayensu. Su ne kayan da suka fi riba a shagon, shi ya sa idonsa ya tafi can. Amma kula sai iyayen amarya, su kuwa sun fi zuwa bayan kaka, in amfanin gona ya shigo hannu.

"In na ce yau sai na sayar, abokin sana'a ne zai saya," in ji Alhaji, "kuma da ya ga na matsu, biyu bisa uku zai taya. Kafin in samu 70,000 sai na ba da kulolin 105,000. Nawa aka yi asara?"

"35,000."

"Sukari fa? In na kai wa maƙwabcinmu na 72,000, yanzu zai ƙirgo min 70,000, don ya san gobe zai sayar."

Abin da Alhaji ke aunawa ke nan a kowane kaya: kwana nawa zai ɗauka kafin ya koma kuɗi, kuma nawa za a rasa in an gaggauta shi. Yaron bai yi kuskuren lissafi ba, miliyan ukun tana nan. Sai dai shago mai riba yana iya kasa biyan dila, kuma dilan da aka saɓa wa sau biyu yakan daina ba da kaya bashi.

Da yamma suka kai sukarin. Alhaji ya ce gobe yaron ya sake ƙirga, amma kashi uku: abin da ke fita a mako, abin da ke kai wata, da mai jiran lokacinsa.

"Kuma in mai kuloli ya zo, ka ce masa sai waɗannan sun ragu."