Kasafin da bai san damina ba: yadda ake daidaita fitar kuɗi da jadawalin aiki

Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ɗora wa Babban Akanta na Tarayya tsara jadawalin kuɗi na shekara, wata bayan wata. Jadawalin kuwa ba ya amfani sai idan kowace ma'aikata ta fara tantance watan da za ta yi kowane aiki, sannan ta ɗora kuɗi a kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne raba kasafi kashi huɗu daidai wa daida, sai ka ce aikin ma haka yake tafiya.

A ɗauki misalin magudanar ruwa ta naira miliyan 60 a unguwar Bako da ke Yola. Shekarar kasafi tana farawa a Janairu, damina kuma takan kankama a Adamawa daga Mayu zuwa Oktoba, kogin Binuwai ya cika a Agusta da Satumba. Saboda haka dole a ci ƙarfin haƙa da zuba kankare kafin ruwa ya zauna.

A wata ukun farko za a kashe miliyan 3 kan awo, zane da tallar kwangila, a ba ɗan kwangila kafin alƙalami na miliyan 9. Daga Afrilu zuwa Yuni za a biya miliyan 27, bayan injiniya ya auna aikin ya sa hannu. Tsakiyar damina ba ta buƙatar fiye da miliyan 3, na sa ido da yashe ramin. Ƙarasa aikin daga Oktoba zai ci miliyan 15, a riƙe miliyan 3 har wa'adin gyaran ɓaraka ya cika. Wa'adin yakan tsallaka sabuwar shekara, don haka sai an yi masa gurbi a kasafi mai zuwa.

Da an raba kuɗin miliyan 15 duk wata uku, zuwa ƙarshen Yuni miliyan 30 ce za ta fita, alhali aikin ya ci 39. Giɓin miliyan 9 ɗin nan ya isa ya sa ɗan kwangila ya kwashe ma'aikatansa, ruwa ya rufta ramin da ba a zuba wa kankare ba. Daga nan sai kuɗi ya iso a Agusta, lokacin da babu abin da za a yi da shi.

Jami'in da ke Abuja zai iya gano matsalar daga teburinsa. A ƙarshen kowane wata, ya kwatanta kason kuɗin da aka biya da kason aikin da injiniya ya tabbatar. Idan kuɗi ya yi wa aiki fintinkau bayan an cire kafin alƙalami, an biya abin da ba a yi ba. Idan aiki ne a gaba, bashi yana taruwa.

Jadawali ba ya hana baitulmali jinkirta sakin kuɗi. Amma idan tallar kwangila ta kai Afrilu, zai nuna cewa haƙa ya koma Oktoba, kuma tilas miliyan 27 ɗin ta bi shi.