Idan Allo da Bayanin Mai Jawabi Suka Saɓa

A manhajar PowerPoint, kowane shafi yana da fili a ƙasansa mai suna Notes, inda mai jawabi ke rubuta abin da zai faɗa da baki. Mahalarta taro ba sa ganinsa, allo kawai suke kallo. Wanda aka ba aikin taƙaita jawabin kuwa, duka biyun suna gabansa, kuma ba kullum suke jituwa ba.

A ce shafin kasafin gyaran makaranta ya nuna naira miliyan 12, bayanin ƙasa kuma ya ce miliyan 15. Galibi an kwafo shafin ne daga tsohon jawabi, aka gyara allo aka manta da ƙasa. Alamarsa ita ce bayanin ya riƙa ambaton wata shekara, ko wani jadawalin da babu shi a shafin.

Amma kada a yi saurin yanke hukunci. Wani lokaci duka biyun daidai ne: 12 kuɗin gini kaɗai, 15 har da kujeru da fenti. Don haka a fara duba ko abu ɗaya suke ƙirgawa, sannan a koma takardar kasafin ta asali. In an naɗi taron, a saurari abin da ya faɗa. In hakan bai warware ba, a tambaye shi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne raba gardama a rubuta miliyan 13.5, adadin da babu wanda ya faɗa. Gara a kawo na allo, tunda shi jama'a suka gani, a ƙara da cewa bayanin mai jawabi ya ce 15.