Me Ya Sa Kuɗin Tasi Ke Tashi Da Zarar Hadari Ya Haɗo?

Duk wanda ke hawa tasi ta manhajar waya a Abuja ya san wannan. Tafiyar da ka biya naira dubu shida da hantsi, in ka nema da ƙarfe biyar na yamma, ana yayyafi, sai ka ga dubu tara. Hanya ɗaya, mota iri ɗaya. Mutane da yawa suna ganin direban ne ya yi haɗama, alhali shi ma a wayarsa ya ga kuɗin, kamar yadda kai ka gani a taka.

Manhajojin nan, irin su Uber da ta shigo Legas a 2014 ta iso Abuja a 2016, da Bolt, suna haɗa kuɗin tafiya ne daga abubuwa uku: kuɗin shiga mota, kuɗin kowace kilomita, da kuɗin kowane minti. Adadin yana canzawa daga gari zuwa gari, kuma kamfanonin kan sake shi, don haka bari mu ɗauki lambobi na misali kawai. A ce kuɗin shiga naira 500 ne, kilomita naira 200, minti naira 50. Tafiyar kilomita 20 da za ta ci minti 30 ta zama 500 da 4,000 da 1,500, jimla naira 6,000.

To, dubu shidan nan adalci ne ko tsada? Ba za ka sani ba sai ka bi kuɗin ka ga inda suke shiga. Tsohuwar Corolla mai na'urar sanyaya iska a kunne takan ci kusan lita ɗaya a kilomita goma cikin gari. Kilomita 20 lita biyu ke nan. Amma direba bai tsiro daga ƙofar gidanka ba. Ya taho daga wani wuri ya ɗauke ka, kuma bayan ya sauke ka zai yi tafiya babu kowa kafin ya sami wani fasinja. Sa masa lita ɗaya a kan wannan. In lita tana naira 900, mai kaɗai ya cinye 2,700. Kamfani yana cire kamashonsa, wanda a manyan manhajojin yakan kai wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Mu ce 1,200. Baƙin mai da taya da birki da bakanike, ka ware musu 600. Abin da ya saura a hannun direba naira 1,500 ne, na aikin kusan awa guda. In motar ba tasa ba ce, daga cikin wannan ne zai tara balas ɗin da zai kai wa mai mota a ƙarshen mako.

Wannan lissafin shi ne ma'aunin da na fi yarda da shi, ko a manhaja ko a bakin titi. Ƙiyasta man da tafiyar za ta ci har da dawowa, ka ninka shi biyu. In abin da aka nema yana kusa da haka, ba a cuce ka ba. In ya ninka uku ko huɗu a rana tsaka, hanya a buɗe, to akwai abin tambaya. Shi ya sa ma farashin da mutum ya haddace tun kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, ba ya da amfani a ciniki. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa.

Maganar dawowa ita ce fasinja ya fi mantawa. Da yamma kowa a Abuja waje yake fita, zuwa Kubwa, Nyanya, Mararaba, Lugbe. Direban da ya kai ka Mararaba da magariba ya san zai shiga gosulo a tafiya, ya kuma dawo cikin gari fayau. Wannan ne dalilin da wasu kan kira su ce, “Ranka ya daɗe, ina za mu?” sannan su soke tafiyar. Ba hali ne mai kyau ba, amma lissafi ne.

Sai ƙarin da ake yi lokacin rububi. A nan akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Na farko gosulo ne: in tafiyar minti 30 ta zama ta awa ɗaya, kuɗin minti kaɗai ya ƙara naira 1,500 a misalinmu, ba tare da an taɓa farashi ba. Na biyu shi ne ninki. Manhaja ta raba gari unguwa unguwa, tana ƙirga masu neman mota da motocin da ke zaune babu fasinja a kowane yanki. Idan masu nema sun rinjayi motoci, sai ta ninka kuɗin, a ce sau ɗaya da rabi, dubu shida ta koma dubu tara. Ruwan sama yana kawo wannan nan take, domin wanda da zai taka da ƙafa ko ya tsaya jiran motar haya ya ciro waya, wasu direbobin kuma sun faka saboda gudun ruwa a hanya. Haka lokacin tashi daga aiki, da jajiberin Sallah, da daren da aka tashi daga babban biki.

Ninkin yana aiki biyu. Yana sa wanda ba ya sauri ya haƙura ya jira, yana kuma jawo direbobi, domin a tasu manhajar taswira tana nuna musu da launi inda kuɗi ya hau. Da motoci sun taru, sai ninkin ya sauka. Saboda haka sau da yawa jiran minti goma ko sha biyar yakan rage kuɗin, haka ma takawa kaɗan ka fita daga bakin wurin taron zuwa wani layi. Duba manhaja ta biyu ma yana da amfani, tunda kowace da nata direbobin da nata lissafin. A inDrive kuwa kai ne ke faɗin abin da za ka biya, direba ya karɓa ko ya ƙara, amma kada ka ɗauka ka tsira: lokacin ruwa, tayin da ka saba yi ba mai amsa shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya je tasha ana saura kwana biyu Sallah ya ga kuɗin mota ya tashi, kuma dalilin ɗaya ne: motar za ta tafi cike ta dawo wayam.

Inda hujjar kamfanonin take rauni shi ne lokacin da babu motocin da za a jawo. In ana wahalar mai, rabin direbobi suna kan layi a gidan mai, ninki ba zai fito da su ba, sai dai ya zaɓi mai kuɗi ya bar talaka a titi. Haka lokacin tashin hankali. A Disamban 2014, da wani ɗan bindiga ya yi garkuwa da mutane a wani shagon shan kofi a birnin Sydney na Ostireliya, kuɗin Uber ya ninka ga masu ƙoƙarin barin wurin, har sai da kamfanin ya fito ya ba da haƙuri.

Akwai kuma ƙarin da ba na manhaja ba ne sam. Ninki na gaskiya kana ganin sa a wayarka kafin ka amince da tafiyar. In direba ya iso ya ce sai ka ɗora wani abu a kan abin da waya ta nuna, ko ya ce ka soke tafiyar ku yi ciniki tsakaninku, wannan nasa ne. Wani lokaci yana da gaskiya cewa kuɗin ba zai fitar da shi ba, kuma kana iya ƙara masa don raɗin kanka. Amma da zarar ka soke, manhaja ta daina bin sawun motar, babu rasit, kuma in ka manta jaka a kujerar baya babu inda za ka kai ƙara.