Rahoton Ƙarshen Shekara: Yadda Ƙungiyar Gama-kai Ke Gano Rararta da Rabon Kowane Mamba

A yawancin ƙungiyoyin gama-kai, ranar babban taron shekara ce ake ganin fuskokin da ba a gani a tarukan wata-wata. Kowa ya zo da tambaya ɗaya a ransa: nawa zan samu bana? Ma'aji zai miƙe ya karanto lambobi, kuma sau da yawa a nan ake fara samun saɓani, domin wani ya ji an ce akwai miliyan biyar a banki, amma da aka zo rabo sai ya ji ana maganar miliyan ɗaya da 'yan kai. Ba lallai ba ne an ci kuɗin kowa. Kuɗin da ke cikin asusu daban, rarar da ƙungiya ta samu daban, kuma aikin rahoton shekara shi ne ya nuna wa mamba hanyar da aka bi daga wancan zuwa wannan, yadda shi ma zai iya bin sawu da biro da takarda.

Tsarin ya daɗe. A shekarar 1844 wasu ma'aikata 28 a garin Rochdale na Ingila suka buɗe ɗan shagonsu na haɗin gwiwa, suka kafa ƙa'idar cewa abin da ya rage bayan kashe-kashe za a mayar wa mamba gwargwadon cinikin da ya yi da shagon. A Nijeriya, rahoton Strickland na 1934 ne ya share fagen dokar gama-kai ta 1935, sannan aka yi dokar tarayya ta 1993, wadda ta ce ƙungiya mai rajista ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na rararta zuwa asusun ko-ta-kwana, bisa abin da binciken kuɗi ya tabbatar. Jihohi ma suna da nasu dokokin da ofisoshin gama-kai, kowace ƙungiya kuma tana da kundin dokokinta na cikin gida. Duk wanda zai rubuta rahoto, da waɗannan zai fara.

A ɗauki misalin wata ƙungiyar manoman shinkafa mai mambobi 40, wadda ke da injin casa da sito, tana kuma saro taki ta sayar wa 'ya'yanta. Lambobin na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya zo da sauƙi.

Sakatare da ma'aji za su baje littafin shige da ficen kuɗi, da kwafin rasidai, da takardar bayanin asusu daga banki, da littafin sito, da littafin da ke ɗauke da shafin kowane mamba. Aikin farko, wanda kuma ya fi kowane cin lokaci, shi ne tantance kuɗin da suka shigo, don ba duk abin da ya shigo ne samu ba. Ajiyar da mamba ke zubawa duk wata tasa ce, amana ce a hannun ƙungiya, ranar da ya nema za a ba shi. Kuɗin hannun jari ma haka, jari ne ba samu ba. Idan mamba ya dawo da rancen da aka ba shi, uwar kuɗin ƙungiya ce ta dawo gida. Idan kuma ƙungiya ta karɓo bashi daga banki, asusu zai kumbura amma ko kwabo ba a samu ba. A misalinmu, cikin naira miliyan 5 da ke banki a ƙarshen shekara, miliyan 2 da rabi ajiyar mambobi ce, miliyan 1 kuma ragowar kuɗin dilan taki ne da ba a kai ga biya ba. Ma'ajin da ya zuba waɗannan cikin samu zai fito da rara ta bogi, a raba, a yi murna, sai baɗi mutum ya zo neman ajiyarsa a rasa abin ba shi.

Da aka tace, hanyoyin samu uku suka rage. Injin casa ya kawo naira 6,000,000 na ladan aiki. Hayar sito ta kawo 300,000. Taki shi ne mai buƙatar natsuwa. An saro buhu 200 a kan naira 40,000 kowane, an sayar da buhu 180 a kan 45,000. Mai gaggawa zai ce an kashe 8,000,000 an samu 8,100,000, wato ribar 100,000 kacal. Ya manta da buhu 20 da ke jibge a sito, waɗanda kuɗinsu ya kai 800,000. Abin da ya dace shi ne a cire kuɗin sarin buhu 180 ɗin da aka sayar kawai, wato 7,200,000, daga 8,100,000, ribar taki ta tashi 900,000. Amma fa sai wasu mambobi biyu ko uku sun shiga siton sun ƙirga buhunan da hannunsu, sun duba ko danshi bai dunƙule su ba, domin buhun da ke cikin littafi kaɗai ba kaya ba ne. Jimillar samu ke nan naira 7,200,000.

Kashe-kashen da aka biya da kuɗi hannu ba su da wuyar ganewa: man dizal 2,600,000, albashin mai tuƙa inji da mai gadi 1,200,000, gyare-gyare 500,000, sai cajin banki da takardu da ladan mai binciken kuɗi 200,000. Kowane yana da rasidinsa.

Akwai wasu biyu da ba su da rasidi, kuma su ne mambobi suka fi yi wa gardama. Na farko tsufan inji. An sayi injin naira 4,000,000, ana sa ran zai yi shekara 8 yana aiki, don haka kowace shekara yana cinye 500,000 na darajarsa ko da ba a miƙa wa kowa kuɗin ba. Ƙungiyar da ba ta cire wannan tana raba injinta ne kaɗan-kaɗan ba ta sani ba, ranar da ya tsaya cak sai a koma yin karo-karo. Da yadda farashi ke hawa ma, abin da aka ware ba zai isa sayen sabo ba, amma ya fi a wayi gari hannu wayam. Na biyu shi ne bashin da ake shakkar dawowarsa. Idan wani ya karɓi taki bashi tun damina biyu da suka wuce, ya bar gari, ba a jin ɗuriyarsa, rubuta kuɗin nan a matsayin dukiyar ƙungiya yaudarar kai ce. A nan an ware 200,000 saboda irin wannan. Ware kuɗin ba yafe bashin ba ne, ana ci gaba da bin mutum, in ya biya a shigar da shi cikin samun shekarar da ya biya. Jimillar kashe-kashe ta kama 5,200,000, rara kuma 2,000,000 daidai.

Yanzu sai rabo, shi ma ba a fara shi da aljihun mamba. Kashi ɗaya cikin huɗu, naira 500,000, ya tafi asusun ko-ta-kwana kamar yadda doka ta ce. Kundin wannan ƙungiya ya ware kashi 10 cikin ɗari, 200,000, don ilimantar da mambobi, kamar tura sakatare kwas ko koya wa mambobi karanta irin wannan rahoto. Saura 1,300,000.

A nan ne wani dattijo zai ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, mu arba'in ne, a raba daidai mana, kowa ya san nasa." Da an yi haka kowa zai tashi da 32,500. A kunne maganar tana da daɗi, amma akwai rashin adalci a cikinta, domin wanda ya kawo shinkafarsa injin ƙungiya duk kaka, ya sayi takinsa a sitonta, shi ya haifar da rarar, wanda kuwa ya kai tasa wani injin bai ƙara komai ba. Daidaiton da gama-kai ta sani yana wajen ƙuri'a, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya komai yawan jarinsa. Wajen rabo kuwa ana duba abu biyu: jarin da mutum ya zuba da hulɗar da ya yi.

Taron ya amince a ba jari 300,000, a ba hulɗa 1,000,000. Jarin mambobi gaba ɗaya naira 6,000,000 ne, don haka kowace naira ta jari ta samu kwabo 5. Cinikin da mambobi suka yi da ƙungiya, taki 8,100,000 da casa 1,900,000, ya kama 10,000,000, kowace naira ta ciniki ta samu kwabo 10. Sauran kuɗin casa daga mutanen waje ya fito, su kuma ba su da rabo. Wasu ƙungiyoyin ma sukan ga ya fi dacewa ribar cinikin baƙi ta tafi asusun ko-ta-kwana kacokan, kuma wannan magana ce da ya kamata kundi ya yanke tun kafin ranar taro.

A duba mutum biyu. Wata manomiya tana da jarin 100,000, ta sayi taki buhu 6 na 270,000, ta yi casar 80,000. Jarinta ya ba ta 5,000, cinikinta na 350,000 ya ba ta 35,000, ta tashi da 40,000. Wani ɗan kasuwa kuma jarinsa 300,000 ne, amma buhu ɗaya ya saya, ya yi casar 5,000. Jari ya ba shi 15,000, cinikin 50,000 ya ba shi 5,000, ya tashi da 20,000. Ya ninka ta sau uku a jari, ta ninka shi sau biyu a rabo, kuma idan rahoton ya jera sunan kowa da jarinsa da cinikinsa da abin da ya samu a shafi guda, shi da kansa zai ga dalili. Idan mamba yana da bashin da lokacin biyansa ya wuce, a kan cire shi daga rabonsa, a rubuta hakan a gaban sunansa.

Mamban da bai taɓa karanta ilimin akanta ba yana iya gane rahoto mai rauni. Ya nemi rahoton bara, ya duba ko kuɗin da aka rufe shekara da su su ne aka buɗe bana da su. Ya gwada abin da aka ce yana banki da takardar da bankin ya buga, in akwai bambanci a yi masa bayanin kowace naira. Ya buɗe ɗan littafin ajiyarsa ya ga ko ya yi daidai da shafinsa a babban littafi. Ya sa ido a kan layin da aka rubuta "sauran kashe-kashe", domin idan ya kai girman kuɗin gyaran inji, to akwai abin da ya kamata a fayyace. Kuma idan kuɗin dizal ya ninka na bara alhali ladan casa bai motsa ba, ko dai farashin mai ya tashi ba a ƙara ladan aiki ba, ko kuma ana casar da ba a yanka mata rasidi. Littafin mai tuƙa inji, inda yake rubuta buhunan da ya casa kowace rana, shi zai raba gardamar.

Saboda irin waɗannan tambayoyi ne bai kamata a fara ganin rahoto a zauren taro ba. Mai binciken kuɗi, wanda ba ya cikin shugabanni, ya duba shi ya sa hannu tukuna, sannan a raba wa mambobi kwafi tare da takardar gayyata, kwanaki kafin taro, gwargwadon wa'adin da kundi ya tanada. A wurin taron a karanta shi da Hausa layi-layi saboda waɗanda ba sa karatun boko, a amsa tambayoyi, a kaɗa ƙuri'ar amincewa da rabon. Sai bayan haka ma'aji zai fara biya, kowane mamba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban adadin da ya karɓa, a kuma aika kwafin rahoton zuwa ofishin gama-kai na yankin.