Tambayoyin Zaɓi a Ilimin Kasuwanci: Yadda Ake Tsame Amsoshin Yaudara

Tambayar zaɓi, wadda ɗalibai ke kira objektif, tana zuwa da jimlar tambaya da kuma amsoshi huɗu ko biyar a ƙarƙashinta. Ɗaya ce kawai daidai. Sauran amsoshin yaudara ne, kuma ba da ka ake rubuta su ba. Mai tsara jarrabawa yakan zaɓo su ne daga cikin kurakuran da ya san ɗalibai sun saba yi. A darasin kasuwanci da tallata haja, amsar yaudara ba kasafai take zama ƙarya tsagwaronta ba. Galibi kalma ce ta gaskiya da ke cikin littafi, sai dai amsar wata tambaya ce daban. Shi ya sa wanda ya haddace kalmomi bai fahimce su ba yakan ga duk amsoshin sun yi masa kama da daidai.

Amfanin tsame amsoshin yaudara a lissafi yake. Idan amsoshi huɗu ne, mai canki-canka yana da damar dacewa sau ɗaya cikin huɗu. Idan ya tabbatar biyu ba daidai ba ne, damarsa ta koma rabi. A tambayoyi 40, wannan shi ne bambancin tsammanin maki 10 da maki 20, tun kafin a yi maganar waɗanda ya san amsarsu kai tsaye. Amma tsamewa tana bukatar ma'auni, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a dabarun bunƙasa kamfani guda huɗu.

Gidaje huɗu na Ansoff

A shekarar 1957, Igor Ansoff, masanin lissafi da tsarin gudanarwa wanda aka haifa a Rasha ya yi aiki a Amurka, ya wallafa wata maƙala a mujallar Harvard Business Review inda ya kasa hanyoyin da kamfani zai bi ya girma zuwa gida huɗu. Ya gina su ne a kan abubuwa biyu: haja da kasuwa. Kowace daga cikinsu tana iya zama ta yanzu ko sabuwa. Da yake da Turanci ake rubuta waɗannan jarrabawoyi a Nijeriya, wajibi ne a san sunayen kamar yadda suke bayyana a allon kwamfuta.

Na farko shi ne market penetration, wato zurfafawa cikin kasuwa: kamfani ya ƙara sayar da hajarsa ta yanzu a kasuwarsa ta yanzu. Na biyu market development, wato buɗe sabuwar kasuwa: hajar tana nan yadda take, amma an kai ta ga mutanen da kamfanin bai taɓa nufa ba. Na uku product development, wato ƙirƙirar sabuwar haja domin masu sayen da ake da su. Na huɗu diversification, inda haja da kasuwa duk suka zama sababbi, kuma shi ne ya fi sauran haɗari.

Sunayen su ne tarkon. Na farko da na biyu kalmarsu ta farko ɗaya ce, na biyu da na uku kuma kalmarsu ta ƙarshe ɗaya ce. Ɗalibin da ke sauri yakan kama rabin suna ya zaɓa. Maganin wannan shi ne a rufe amsoshin tukuna, a yi wa labarin da ke cikin tambayar tambayoyi biyu. Shin hajar ta canja? Shin mutanen da ake nufi sun canja? Amsar ta farko tana kawar da gidaje biyu nan take, ta biyu kuma ta raba gardama tsakanin biyun da suka rage.

Tambaya guda, mataki-mataki

A ɗauka an kawo wannan tambaya. Wani kamfanin sabulun wanki a Kano ya shekara goma yana sayar wa 'yan sari a kasuwar Singa, su kuma suna kai wa masu shaguna a unguwanni domin amfanin gida. A bana ya fara kai sabulun nan dai, ba tare da ya sauya komai a jikinsa ba, ga otal-otal da asibitocin cikin Kano a manyan kwalaye. Wace dabara ya bi? Zaɓi A zurfafawa cikin kasuwa, B buɗe sabuwar kasuwa, C ƙirƙirar sabuwar haja, D sabuwar haja a sabuwar kasuwa.

Tambaya ta farko mai sauƙi ce. An faɗa ƙarara cewa ba a sauya komai a jikin sabulun ba, saboda haka C da D sun fita. Saura A da B, kuma nan ne mai tsara tambayar ya ɗana tarkonsa, domin ya ambaci Kano sau biyu. Wanda ya ɗauka cewa kasuwa tana nufin gari zai ce ai ba a bar Kano ba, sai ya zaɓi A. A ilimin kasuwanci kuwa, kasuwa rukunin masu saye ce, ba wurin da ake baje kaya kawai ba. Magidanta masu sayen sabulu ɗaya ko biyu rukuni ne, otal da asibiti masu sayen kwalaye bisa yarjejeniya rukuni ne daban, da tasu hanyar saye da nasu farashin. Kamfanin bai taɓa nufar su ba, don haka amsar ita ce B.

Da za a sauya jimla ɗaya, amsar ma sai ta sauya. Idan aka ce kamfanin ya fara ƙara gyaran sabulu biyu a kan kowane kwali domin 'yan sarin Singa su ƙara ɗauka, amsar ta koma A. Idan aka ce ya fara tura sabulun zuwa Maraɗi da Damagaram, B ce, kuma wannan ne salon da ya fi sauƙin ganewa. Idan ya fito da garin sabulu domin magidantan da suka saba da shi, C ce. Idan kuma ya koma yin abincin kaji domin masu gidajen gona, D ce.

Sabon mai saye ba shi ne sabuwar kasuwa ba

Tarko na biyu ya fi na farko kama mutane. Tambaya takan ce kamfani ya zafafa talla a rediyo domin ya jawo sababbin kwastomomi daga hannun abokan gogayyarsa. Kalmar sababbi takan ja ido zuwa buɗe sabuwar kasuwa, alhali zurfafawa cikin kasuwa hanya uku gare ta: a sa masu saye su ƙara yawan abin da suke saye, a ƙwato masu saye daga wajen abokan gogayya, a kuma shawo kan waɗanda ke cikin rukunin amma ba su fara saye ba. Uwargidan da ta bar sabulun wani kamfani ta dawo na wannan sabuwa ce a wurin kamfanin, amma da ma tana cikin kasuwar da yake fafutuka a ciki. Alamomin wannan gida su ne rangwame, gyara, yawan talla, da maganar ƙara kason da kamfani ke da shi a kasuwa. Alamomin ɗayan kuwa su ne wata jiha ko ƙasa, wani rukunin shekaru ko jinsi, ko sauyawa daga masu amfanin gida zuwa ma'aikatu.

Wajibi ne kuma a auna sabunta daga ɓangaren kamfanin da ake magana a kansa. Lokacin da kamfanin siminti na Dangote ya buɗe masana'antu a Habasha da Zambiya a 2015, mutanen ƙasashen sun daɗe suna gini da siminti, amma a wurin kamfanin kasuwannin sababbi ne, hajar kuma tsohuwarsa ce. Matatar man Lekki da aka ƙaddamar a 2023 kuwa, idan aka dube ta daga ɓangaren rukunin kamfanonin, ta faɗa gida na huɗu.

Amsar da ta fito daga wani babi

Wani lokaci ana cusa penetration pricing a cikin amsoshin. Wannan ba ya cikin gidajen Ansoff. Tsarin sa farashi ne, inda ake fito da haja a kan farashi mai rahusa tun daga farko domin a kama masu saye da yawa cikin sauri. Kishiyarsa ita ce price skimming, inda ake farawa da tsada sannan a riƙa saukowa, kamar yadda ake gani a sababbin wayoyin hannu. Abin dubawa shi ne me jimlar ƙarshe ta tambayar take nema. Idan dabarar bunƙasa ta nema, duk amsar da ta fito daga babin farashi ta fita, ko da an ambaci rage kuɗi a cikin labarin. Idan tsarin farashi ta nema, gidajen Ansoff ne za su fita. Wannan tantancewa takan kawar da amsa ɗaya ko biyu kafin a fara nazarin labarin kansa.

Akwai kuma tambayoyin da ake juya su da NOT ko EXCEPT, inda amsoshi uku suke daidai, ana neman wadda ta saɓa. A nan aikin ya juye: ana yi wa kowace amsa alamar gaskiya ko ƙarya, sannan a zaɓi wadda ta fita daban. Mafi yawan masu faɗuwa a irin wannan sun san darasin, kalmar korewar ce suka tsallake.

Inda dabarar ta tsaya

Ba kowane labari ne yake zama daram a gida ɗaya ba. Kamfanin da ya zuba madarar garinsa a ƙananan leda ana iya cewa ya zurfafa, idan nufinsa masu sayen da su riƙa saye kullum. Ana iya cewa ya buɗe sabuwar kasuwa, idan nufinsa masu ƙaramin ƙarfi da gwangwani ya fi ƙarfinsu. A irin wannan, manufar da tambayar ta ambata ita ce alƙali, kuma bai kamata ɗalibi ya ƙara wani bayani daga kansa ba. Idan ba a ce an sauya haɗin madarar ba, to ba a sauya ba.

Camfe-camfen zauren jarrabawa, kamar cewa amsa mafi tsawo ita ce daidai ko kuma a zaɓi C idan an rasa, ba abin dogaro ba ne, musamman a jarrabawar kwamfuta inda ake iya cakuɗa jerin amsoshi. Abin da ya cancanci a bincika tun da wuri shi ne ko ana rage maki a kan amsar da ba daidai ba. Inda ba a ragewa, babu dalilin barin tambaya babu amsa. Inda ake cire sulusin maki a tambaya mai amsoshi huɗu, canki-canka tsagwaro ba riba ba faɗuwa yake tashi, amma da zarar an tsame amsa ko da guda ɗaya ce, lissafin ya karkata ga mai amsawa.