Daƙiƙa goma na farko: yadda ake tsara gaisuwar mai amsa waya a ofis

Manomin tumatir a Bunkure ya wayi gari ruwa bai iso fadamarsa ba. Ruwan daga madatsar Tiga yake fitowa, ya bi magudanan aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Idan ya buga waya ofis, kowace daƙiƙa daga katinsa ake cire ta, kuma gaisuwar Bahaushe doguwa ce: kwana, gajiya, iyali, aiki. A datse ta gaba ɗaya, ya ga an wulaƙanta shi. A cika ta, kuɗinsa ya ƙare bai kai ga ƙorafi ba.

Shi ya sa ake rubuta wa mai amsa waya da mai tarbar baƙi gaisuwa guda, su riƙe ta. Misali: "Barka da asuba. Ofishin kula da ruwan noman rani ne, Malam wane ke magana. Ina sauraronku." Ba ta wuce daƙiƙa goma ba, amma mai kira ya san inda ya samu, ya kuma san sunan wanda zai nema gobe idan magana ta sha ruwa. Idan shi ya fara da sallama, a amsa ta cikakkiya tukuna. Idan ya ce ina gajiya, a ce babu gajiya, a mayar masa sau ɗaya, a shiga magana.

Kalmar "ku" tana da aiki biyu. Girmamawa ce, sannan tana hana a kira mace da "kai" saboda muryar da waya ta dusashe. Muhimmancinta ya fi fitowa a teburin tarbar baƙi, inda ake ganin sutura. Wurin da mai babbar riga ke samun "ranka ya daɗe", mai taɓo a ƙafa kuwa a ce masa "kai, mene ne?", an riga an raba 'yan ƙasa gida biyu tun daga ƙofa. Shirin SERVICOM da gwamnatin tarayya ta kafa a 2004 ya yi alkawarin hidima cikin mutunci ga kowa, kuma a wannan tebur ake fara gwada alkawarin.

Rufewa ma a rubuce take. Ma'aikaci ya maimaita abin da ya ji: suna, sashen gona, kwana nawa babu ruwa. Sai ya faɗi wanda zai kai wa maganar da ranar da za a sake kira. "Za a duba" kawai, ba rana ba suna, sallamar mutum ce cikin ladabi.

Gane ko tsarin ya lalace ba wuya. Da zarar masu kira sun koma tambayar "ina ne nan?" ko "da wa nake magana?", to ma'aikata sun ajiye takardar sun koma "halo, wane ne?"