Plc ko Ltd: Yadda Ake Gane Kamfanin da Dole Ya Bayyana Lissafinsa

Kamfanoni masu hannun jari a Najeriya iri biyu ne a idon doka. Akwai buɗaɗɗen kamfani, wanda aka yarje masa ya tallata wa jama'a hannun jarinsa, akwai kuma rufaffe, wanda mallakarsa ta tsaya a hannun mutane ƙalilan. Dukansu Hukumar CAC ce take yi musu rajista bisa dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020. Wannan rabe-rabe bai shafi gwamnati ba. NNPC Limited mallakar gwamnati ne, amma ba a cinikin hannun jarinsa a kasuwa.

Alamar farko tana wutsiyar suna. Buɗaɗɗen kamfani yana ƙarewa da Plc, rufaffe kuma da Limited ko Ltd. Doka ta hana rufaffe ya wuce masu hannun jari 50, ban da ma'aikatansa, ta kuma hana shi kiran jama'a su zuba jari. Mafi ƙarancin jarin da zai fara da shi naira 100,000 ne, na buɗaɗɗe kuwa naira miliyan 2. Wanda ya rubuta sunan kamfani a shafin bincike na CAC zai ga cikakken sunan da lambar rajista. Lambar da ta fara da RC ta kamfani ce. Wadda ta fara da BN sunan kasuwanci ne kawai, ba shi da hannun jari sam.

Sai dai Plc ba ya nufin lalle kamfanin yana kasuwar hannun jari ta NGX da ke Legas. Akwai masu Plc da ba su shiga ba, don haka mataki na biyu shi ne duba jerin kamfanonin kasuwar. Wanda ya shiga, nauyin bayani a kansa ya fi na kowa: yana miƙa lissafin kowane wata uku cikin kwana 30, da lissafin shekara wanda masu binciken kuɗi na waje suka tantance cikin kwana 90, sannan ya sanar da duk abin da zai iya taɓa farashin hannun jarinsa, kamar sauya shugaba ko sayen wani kamfani. Hukumar SEC na sa ido a kan haka. Dalili a fili yake: ɗan fanshon da ya sayi hannun jari daga Gusau ba shi da ikon shiga ofis ya buɗe littafi, sai doka ta sa a kawo masa.

Rukunin Ɗangote ya tara iri biyun a gida ɗaya. Dangote Cement Plc ya shiga kasuwa a 2010, kuma kowa na iya sauke rahotonsa na shekara kyauta, ya ga tan nawa na siminti aka sayar, ribar da aka ci, bashin da ke wuya, da abin da aka biya daraktoci. Uwar rukunin kuwa, Dangote Industries Limited, wadda ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin ɗari na kamfanin simintin, rufaffiya ce, ba ta kan wannan ƙa'ida ta wata uku-uku. Nan ne masu rubutu da ɗalibai suka fi tuntuɓe, su ɗauki ribar siminti su kira ta ribar Ɗangote baki ɗaya. Duba sunan da ke bangon rahoto ya isa ya hana wannan kuskure.

Rufaffen kamfani ma yana miƙa wa CAC bayanin shekara, ya kuma bayyana duk mai riƙe da kashi 5 cikin ɗari ko fiye. Amma ba dole ba ne ya wallafa ribarsa, ƙananan kamfanoni ma doka ta ɗauke musu tilascin ɗaukar mai binciken kuɗi. Saboda haka duk adadin cinikin rufaffen kamfani da aka gani a jarida, ya kamata a tambayi tushensa: takardar da aka tantance ce, faɗar mai kamfani ce, ko ƙiyasi? Ƙofa takan buɗu ta wasu hanyoyi. Banki dole ya wallafa lissafinsa ko da Ltd ne, haka nan rufaffen kamfanin da ya nemi bashi a kasuwa ta takardun lamuni sai ya nuna wa masu ba da rance da masu auna ƙarfin biyan bashi littattafansa.

Matsayin kuma yana sauyawa. Dangote Flour Mills yana kasuwa har 2019, lokacin da Olam ya saye shi aka cire sunansa. Tsofaffin rahotanninsa suna nan ga mai nema, amma daga wannan shekara tilascin bayani na wata uku-uku ya faɗi, don haka mai bincike sai ya haɗa sunan kamfani da shekarar da yake neman bayaninta.